Mai gyaran gashi ta ƙi yi min rini wai saboda lalle, anya ba rainin wayo ba ne?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, furfura ta fara fito min da wuri shi ya sa shekara biyu kenan ina sa lalle a gashina duk bayan wata biyu. Da farko lalle zalla nake kwaɓawa, sai furfurar take komawa ja-ja ban so, sai wata ƙawata ta kawo min wani na kwali wai yana sa baƙi, na yi shi sau uku, na ƙarshe sati shida da suka wuce. Yanzu na gaji, ƙasan gashin ya yi duhu ya bushe, saiwar kuma fari. Saura sati uku bikin ƙanwata, na je salun a yi min rini ruwan ƙasa mai haske, matar tana jin na ce lalle ta ajiye kayanta ta ce ba za ta taɓa min kai ba, a gaban mutane, wallahi na ji kunya. Ƙawata ta ce lalaci ne kawai, lalle ganye ne ba ya komai, in sayo rinin ta shafa min a gida. Wa zan bi a cikinsu?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai don Allah kar ki bari a shafa miki rinin nan a gida tukuna, ki ajiye shi, ki ba ni minti goma ki karanta wannan har ƙarshe. Na fahimci zafin da kika ji, ba daɗi mutum ya je da kuɗinsa da burinsa a mayar da shi gida kamar ya yi laifi, kuma da matar ta ja ki gefe ta yi miki bayani a hankali da ba ki fito da wannan ɓacin ran ba, a nan kam ta yi kuskure. Amma a kan ƙin da ta yi, gaskiya ina bayanta, kuma in kika ji dalilin ina ganin ke ma za ki huce.

Bari mu fara da shi lallen kansa, don yawancin mutane suna ɗaukarsa kamar wani fenti ne da ake shafawa a saman gashi ya goge da kansa in an daɗe, alhali ba haka yake aiki ba. A cikin ganyen lalle akwai wani sinadari mai launi da ake kira lawson, ɗan kaɗan ne, wajen kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na busasshen ganyen, kuma a cikin ganyen a ɗaure yake, sai an kwaɓa garin da ruwa, musamman mai ɗan tsami, an bar shi ya tsima na wasu awanni sannan yake sakuwa. Shi ya sa kike ganin saman kwaɓin yana yin duhu in ya kwana, in kika ɗiga a tafin hannu na minti kaɗan kika goge sai ki ga tabo ruwan lemo, alamar launin ya fito kenan. Shi kuma gashi kusan dukkansa wani furotin ne mai suna keratin, irin wanda ke farce da saman fata. Ƙwayar lawson ƙarama ce sosai, tana ratsa ɓawon gashin ta je ta haɗu da keratin ɗin su ƙulle, haɗuwa irin ta sinadari, ba mannewa kawai ba da sabulu zai ɗaye. Kin ga a hannu lalle yana ɓacewa cikin sati biyu ko uku, to ba wai launin ne ya wanke ba, fatar ce ta saɓule sabuwa ta fito. A farce kuwa ai kin lura ba ya gogewa, sai dai ki ga jan yana ta matsawa gaba har ki yanke shi. Gashi kamar farcen yake, ba ya saɓa, don haka duk silin da lalle ya kama ya kama kenan har ranar da almakashi zai raba ku ko ya zube da kansa.

Wannan ne kuma ya kawo mu maganar launi. Lalle na gaskiya launi ɗaya tak yake da shi, ja mai ruwan lemo, ba shi da baƙi ba shi da ruwan ƙasa, kuma ba ya iya haskaka gashi ko kaɗan domin ba ya taɓa melanin, wato launin halitta da ke cikin silin. Abin da yake yi shi ne ya hau kan launin da ya tarar kamar ki sa jan mayafi shara-shara a kan kaya, abin da ke ƙasa shi ke yanke yadda za a gani. A kan baƙin gashi kusan ba a ganinsa sai kin shiga rana ki ga wani ja yana ƙyalli, a kan gashi ruwan ƙasa yana ba da ja mai duhu, a kan furfura kuwa da ba ta da launin komai a ciki sai ya fito tsirararsa, ruwan lemo mai haske, shi ne ja-jan da ya dame ki tun farko. Ranar da aka wanke ya fi haske, cikin kwana biyu zuwa uku iska tana sa shi ya ƙara nuna ya yi duhu. Sannan kowane shafi yana hawa kan na baya ne, ke da kika yi shekara biyu kina yi duk wata biyu kin yi wajen sau goma sha biyu, in kuma kowane karo gaba ɗaya kan kike lulluɓewa ba saiwa kaɗai ba, to bakin gashinki ya sha lalle sau goma sha biyu, tsakiya ƙasa da haka, saiwa kuma ko ɗaya. Wannan shi ne duhun da kike gani a ƙasa, ba wata cuta ba ce, tari ne.

To tunda lalle ba ya baƙi, me ke cikin kwalin da ƙawarki ta kawo? Nan ne zuciyar matsalarki, kuma nan ne hankalin mai salun ya tashi. Duk abin da aka rubuta wa lalle amma yana sa baƙi ko ruwan ƙasa, an haɗa shi da wani abu, kuma abubuwan da aka saba haɗawa uku ne. Mafi sauƙinsu garin baba, ganyen da ake yin shuni da shi, shuɗinsa in ya haɗu da jan lalle sai ya ba da ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi. Baba ba ya ƙona gashi, amma yana da nasa halin, in aka sa maganin haskaka gashi a kansa sai launin halitta ya tafi shi kuma shuɗin ya tsaya, shuɗi a kan rawaya kin san abin da zai bayar, kore, wani irin kore mai dauɗa da ba ya fita da wanki. Na biyu gishirin ƙarfe, na dalma ko azurfa ko jan ƙarfe, ana sa su don launin ya yi duhu ya kama da sauri, kuma sau da yawa ba a rubuta su a jikin kwali. Na uku wani sinadari da ake rubuta shi PPD ko p-phenylenediamine, wanda shi ne ainihin abin da ke cikin baƙin rinin kemikal, ana zuba shi a garin lalle a sayar da sunan baƙin lalle.

Yanzu ki ga yadda rinin da kike so yake aiki, sai ki gane inda rigimar take. Rinin kemikal mai ɗorewa abu biyu ake haɗawa, kirim mai launin da kuma ruwan feroksaid. Amoniyar da ke cikin kirim ɗin tana kumbura gashi ɓawonsa ya buɗe, feroksaid ya shiga ya farfasa melanin gashin ya yi haske, a lokaci guda kuma ƙananan ƙwayoyin rinin suna haɗuwa a ciki su zama manya su maƙale. Hoton da ke jikin kwalin an yi lissafinsa ne a kan gashin da ba a taɓa sa masa komai ba. Feroksaid ya iya cin melanin amma bai iya cin lawson da ya riga ya ƙulle da keratin ba, ko ya rage shi ɗan kaɗan ne, don haka a gashin da ya sha lalle sai baƙin halitta ya janye jan ya ƙara fitowa fili, maimakon ruwan ƙasa mai haske ki samu ruwan lemo mai ƙarfi. Su ma magungunan cire rini da ake sayarwa an yi su ne don warware waɗancan manyan ƙwayoyin na rinin kemikal, ba su da abin da za su yi wa lalle.

Bari in zana miki kanki yadda zai kasance da ƙawarki ta shafa miki ruwan ƙasa mai hasken nan a yau. Gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya ko sama da haka kaɗan a wata, sati shida kenan kina da wajen santimita ɗaya da rabi na sabon gashi a saiwa, wannan yankin zai karɓi rinin tas, zai ma fi ko'ina haske saboda ɗumin fatar kai yana ƙara wa rinin sauri. Daga nan zuwa ƙasa duk gashin da abin kwalin nan ya taɓa ne, in baba ne a ciki zai tsaya da duhunsa ko ya ɗauko kore-kore, bakin gashin da ya fi shan lalle kuma ja mai duhu ne da ba zai motsa ba. Launi biyu ko uku a kai ɗaya kenan, saiwa mai haske ƙasa mai duhu, saura sati uku biki, kuma wannan shi ne in an yi sa'a. In gishirin ƙarfe ne a ciki, musamman jan ƙarfe, feroksaid yana haɗuwa da shi yake fara tafasa, kan ya ɗauki zafi, wani lokaci har ki ga tururi da wari, gashin ya yi laushi kamar danƙo ya riƙa tsinkewa a hannu, wannan kuma ba shi da gyara sai aski. Mai salun ba ta da hanyar da za ta kalli gashinki da ido ta san wanne ne a ciki, in ta ƙona miki kai sunanta ne zai ɓaci kuma ke za ki tafi biki da asara, shi ya sa da yawansu suna jin kalmar lalle suke janye hannu ba tare da sun tsaya tambaya ba.

Ita kuma ƙawarki kar ki riƙe ta a zuciya, rabin maganarta gaskiya ce. Lalle zalla, garin ganye da ba a haɗa da komai ba, ba ya tafasa da feroksaid ba ya narkar da gashi, ana yin rini a kansa lafiya ƙalau musamman in launi mai duhu ake so, matsalarsa ta launi ce kawai. Inda ta ɓata shi ne ɗaukar da ta yi cewa abin da ke cikin kwalin shi ma ganye ne zalla don an rubuta lalle a jikinsa. Ta kawo miki ne don ta taimake ki da furfurar da ke damunki, yanzu ma taimakon take son yi, sai ki sa ta a aikin da zai yi amfani, ki ce ta nemo miki kwalin ko hotonsa ko sunansa.

In kwalin ya samu ki duba jerin abin da ke ciki. Lawsonia inermis shi ne lalle, Indigofera tinctoria shi ne baba, in kika ga PPD ko p-phenylenediamine kin san da kemikal a ciki. In babu jerin kwata-kwata, ki tuna yadda ya yi miki aiki. Lalle da baba na gaskiya kore ne garinsu, suna warin ganye, kuma in an haɗa su a kwaɓi ɗaya sai sun daɗe a kai, awa biyu zuwa huɗu, kafin su kama. In garin baƙi ne ko toka-toka, kuma cikin minti ashirin ko talatin ya mayar miki da furfura baƙi wuluk, to kusan tabbas akwai PPD a ciki. Wannan ya fi damuna fiye da maganar launi, domin PPD yana iya sa jiki ya ƙi shi daga baya, mutum ya yi amfani da shi sau da yawa lafiya rana ɗaya kuma fatar kai ta yi ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, fuska da fatar ido su kumbura, kuma da zarar jiki ya ƙi shi ya ƙi kenan har abada, ga shi yawancin rinin kemikal mai duhu suna ɗauke da shi ko danginsa. Ki tambayi kanki da gaske, a cikin sau ukun nan akwai lokacin da kanki ya yi ƙaiƙayi ko bayan kunnenki ya yi ja bayan kwana ɗaya ko biyu? In akwai, ki manta da rinin kemikal gaba ɗaya har sai likitan fata ya duba ki. In babu, duk da haka kowane rini za a sa miki sai an gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu an jira awa 48 kamar yadda takardar cikin kwalin take faɗa.

Sai gwajin gashin kansa, kuma ba sai an taɓa kanki ba. Ki riƙa tara gashin da ke maƙalewa a mataji na kwana uku ko huɗu, ko ki yanko ɗan tsinke daga ƙeya inda ba a gani, ki tabbata ya haɗa da bakin gashin don shi ya fi ɗaukar kaya. Masu gyaran gashi suna da gwajin da suke yi na gishirin ƙarfe, a zuba feroksaid mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, wanda ake rubuta 20 vol a jikinsa, kamar mililita 30 a kofin gilashi ko roba, kar a yi a na ƙarfe, a ɗiga amoniya ɗigo 20, a tsoma gashin a bar shi minti 30 ana kallo a wuri mai iska. In ruwan ya fara kumfa sosai kofin ya ɗau zafi ga wari, ko gashin ya ruɓe in an ja shi, akwai ƙarfe, magana ta ƙare, babu feroksaid a kanki. In launin ya canja nan take da wani irin sauri shi ma alamar tuhuma ce. In ya yi haske a hankali ba zafi ba kumfa, an tsallake wannan. Na fi so mai salun ta yi wannan gwajin da hannunta ba ke a gida ba, kayan suna wajenta kuma ta san yadda ake riƙe su. Bayan shi sai a ɗauki wani tsinken a shafa masa ainihin rinin da ake son sa miki, a bar shi iya lokacin da aka rubuta, a wanke a busar a fita da shi rana a duba, sannan a ja shi tsakanin yatsu a ji ko yana da ƙwari. Abin da kika gani a tsinken nan shi za ki gani a madubi.

Shawarata a kan bikin, ki saki maganar ruwan ƙasa mai haske a wannan karon, ba zai samu cikin sati uku ba tare da an wahalar da gashin da ya riga ya bushe ba. Abin da ke ɓata miki kai a ido yanzu ai farin saiwar nan ne kusa da ƙasa mai duhu, to a daidaita saiwar da ƙasan shi ya fi sauƙi a kan a ce za a daidaita ƙasan da saiwa. In gwajin fata da na gashi sun fita lafiya, mai salun za ta iya sa miki ruwan ƙasa mai duhu a saiwar kaɗai da feroksaid marar ƙarfi, ta zaɓi wanda yake da ɗan ja a ciki don ya saje da sauran. In kuma gwajin ya nuna ƙarfe, ko fatarki ta nuna alamar ƙi, ko dai hankalinki bai kwanta ba, akwai hanyar ganye zalla mai hawa biyu, ki sa lalle tsantsa a saiwar kaɗai na awa biyu zuwa uku ki wanke, furfurar za ta yi ruwan lemo kar ki tsorata, sai a ranar ko washegari ki kwaɓa garin baba tsantsa da ruwan ɗumi ki shafa nan take don shi ba a barinsa ya tsima ƙarfinsa guduwa yake, minti talatin zuwa arba'in yana ba da ruwan ƙasa mai duhu, awa ɗaya zuwa biyu yana kai wa baƙi. Ki yi shi saura kwana bakwai ko goma bikin don launin ya zauna. Sai dai ki sani duk inda baba ya hau kin ƙara jinkirta ranar da za ki iya haskaka wajen, don haka in har burinki na gaba shi ne mai hasken, hanyar farko ta fi dacewa da ke in gwaji ya yarda.

Maganar bushewar kuma, ki daina lulluɓe ƙasan da komai mai launi, ya sha ya ƙoshi, ki riƙa ba shi man gashi da kwandishana mai nauyi duk sati, kuma in kina sa rilaksa kar ki haɗa ta da rini a sati ɗaya, ki ba su tazarar sati biyu aƙalla, ita ma a gwada ta a tsinke tukuna saboda abin kwalin nan. Za ki ji ana cewa a kwana da mai a kai yana cire lalle, gaskiyar ita ce yana iya ɗan rage baba da abin da bai kama sosai ba, amma jan da ya ƙulle yana nan. Mai hasken da kike so zai samu ne ta hanyar tsiro da datsewa, in gashinki santimita 20 ne kina maganar wajen shekara ɗaya da rabi kafin tsohon ya ƙare, ƙasa da haka in kin yarda ana rage bakin duk wata biyu ko uku, kuma a tsakanin ana iya riƙa sassauta launin saiwar kaɗan-kaɗan yadda ba za a ga layi ba.

Ni dai da ni ce ke, wajen matar nan zan koma, a lokacin da ba mutane, in ce mata ranar nan na ji ba daɗi amma na gane abin da kika guje min, ga kwalin ga gashin da na tara, ki gwada min. Wadda ta iya ajiye kuɗi don kar ta ɓata miki kai ita ce wadda nake so ta riƙe min nawa. In ta ƙi ko gwajin ma, sai ki nemi wata, amma ki faɗa mata komai tun daga bakin ƙofa, sau nawa kika yi lalle, sau nawa na kwalin, da ranar ƙarshe. Ki fara tara gashin matajin daga yau, kwana huɗu na tarawa da kwana biyu na gwajin fata, kin ga har yanzu kina da sati biyu a hannu kafin bikin, Allah ya sa a yi lafiya.